Idan Manhaja Ta Maƙale a Pending: Yadda Ake Bin Ta Daki-daki Kafin a Kai ga Filashin

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini a 'yan makonnin nan, daga Mabera, daga Arkilla a nan Sakkwato, har daga Illela da Tambuwal. Mutum ya shiga Play Store ya danna `Install`, da'irar nan tana ta juyawa, a ƙasa an rubuta `Pending...`, tun bayan azahar har aka kira magariba ko motsi babu. Wasu ma sai bayan sun kai wayar an yi mata filashin, hotuna da lambobi sun tafi, sannan suke tambaya, don bayan kwana biyu abin ya dawo.

Makon jiya ma kawuna, wanda ke harkar albasa, ya same ni da tasa. Ya miƙo mini ita yana cewa, "Kai ɗana, duba mini wagga waya. Banki sun ce sai in sabunta abin nasu kafin in tura kuɗi, ita kuma tun jiya juyi kawai takai. Yaron shago ya ce sai hilashin." Da wayarsa zan riƙa ba da misali, don an tara mata matsala uku a lokaci guda, kuma babu ko ɗaya da ta kai a goge waya.

Na jera matakan ne bisa abin da mutum zai iya rasawa. Na farko-farkon ba sa taɓa komai naka, na ƙarshe kuwa suna iya raba ka da lambobinka idan ka yi garaje. Kada ka tsallake. Bayan kowane mataki ka koma ka gwada saukewa, in ta tafi, ka tsaya a nan.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: caji ya kai ko da rabi, data ta gama-gari wadda ta fi girman manhajar da kake so, biro da takarda, da wayar wani a kusa ko za a buƙaci hotsifot. Ban da datar, ba za ka kashe ko sisi ba. Sunayen wurare a cikin `Settings` suna ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi. Idan ba ka ga abin da na ambata ba, rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman `Settings`, zai kai ka.

1. Karanta abin da aka rubuta

Yawancin mutane da'irar kawai suke kallo, ba sa karanta 'yar rubutun da ke ƙarƙashin sunan manhajar, alhali ita ce ke nuna inda za a dosa.

`Waiting for Wi-Fi` na nufin an hana wayar amfani da datar layi, maganinsa na mataki na 3. `Pending...` ko `Waiting for download...` na nufin tana jiran wani abu, ko dai layi ne a gabanta ko ta kasa samun hanya. Idan kuwa lamba ta fara hawa, ta kai ɗari bisa ɗari, sannan ta tsaya a `Installing...` ko ta koma farko, to saukewa ta yiwu, girkawa ce ta gagara, kuma wannan ya fi kama da ƙarancin wuri.

Sai ka yi ɗan gwaji: nemi wata ƙaramar manhaja daban, kowace iri, ka danna `Install`. Idan ta sauka, matsalar tana tattare da girman waccan ko ita kanta manhajar. Idan ita ma ta maƙale, wayar ce ko asusun. Daga nan ka kashe wayar gaba ɗaya ka kunna. Na san kowa ya gaji da jin wannan shawara, amma tana aiki fiye da yadda ake zato.

2. Duba wa ke gabanka a layi

Play Store ba ya sauke komai da komai lokaci guda. Jera su yake yi, kamar layin famfo, kuma idan jarkar da ke gaba ta ƙi cika, ta baya sai haƙuri. Kai kana ganin manhaja ɗaya ka nema, amma wayar ta riga ta jera tsofaffin manhajojin da ke jiran sabuntawa.

Buɗe Play Store, danna hotonka ko harafin sunanka da ke sama ta dama, shiga `Manage apps & device`. A nan za ka ga ko ana kan sabuntawa, sai ka danna `See details`. Idan akwai jeri, danna `Cancel all`, ko ka bi su ɗaya-ɗaya kana danna alamar X. Sannan ka koma kan wadda kake so ita kaɗai.

A wayar Kawu guda 17 na tarar a jere, wadda ke kan gaba kuma wani babban wasan tseren mota ne da jikansa ya saka. Manhajar bankin ita ce ta ƙarshe. Na soke su duka, na sake danna ta bankin, sai rubutun ya canza daga `Pending...` ya koma `Waiting for Wi-Fi`. Ba ta sauka ba tukuna, amma ta faɗi abin da ke damunta.

Soke sabuntawa ba ya goge manhaja. Tsohon zubinta na nan yana aiki yadda yake.

3. Data: akwai ta, kuma an ba ta izini?

Abu na farko, wace irin data ce a layin? Mutum zai ce maka ai WhatsApp na tafiya, ga shi yanzu aka turo masa saƙo. To akwai datar da ake sayarwa ta kafafen zumunta kaɗai, ko ta YouTube, ko ta dare, kuma irin wannan ba ta buɗe Play Store. Danna `*323#`, wadda tun 2023 ta zama lambar duba ragowar data a duk layukan Najeriya, ka karanta saƙon da kyau ka ga wace ce ta rage. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka buɗe Chrome ka shiga shafin da ba ka taɓa shiga ba. In bai buɗe ba, ba laifin Play Store ba ne. Mai layi biyu kuma ya tabbatar wayar na jan data daga layin da ya saka wa, don ana yawan yin wannan kuskure.

Abu na biyu, izini. A Play Store danna hotonka, `Settings`, `Network preferences`, `App download preference`. Idan yana kan `Over Wi-Fi only`, mayar da shi `Over any network`. Abin da ya riƙe wayar Kawu ke nan. Wani ne ya taɓa saita masa haka don ya ce data na saurin ƙarewa, shi kuwa bai taɓa haɗa wayarsa da Wi-Fi ba tun da ya saye ta.

Gargaɗi a nan: a ƙarƙashinsa akwai `Auto-update apps`. Wannan daban ne, kada ka buɗe shi ga datar layi sai in kana da data mai yawa. Ka bar shi a kan Wi-Fi ko ka zaɓi `Don't auto-update apps`, in ba haka ba manhajoji 17 ɗin nan za su shanye maka datar wata a dare ɗaya.

Sauran masu tare hanya su ne `Data Saver` da `Battery Saver` na cikin wayar, da VPN. Kashe su na ɗan lokaci. Samari masu saka VPN na data kyauta su suka fi faɗawa wannan, don hanyar tana iya ɗaukar hira amma ta kasa ɗaukar saukewa. Haka wanda aka rubuta wa wani adireshi a `Private DNS` don tare tallace-tallace, ya mayar da shi `Automatic` ya gwada.

Idan har yanzu shiru, roƙi wani ya kunna maka hotsifot, zai fi kyau in layinsa ba irin naka ba ne. Ta sauka a nan, ka san sabis ɗin layinka ne a unguwar, ba wayar ba. Sai dai wayoyi da yawa suna gane cewa hotsifot datar wani ce, suna lissafa shi a matsayin mai awo, don haka kada ka dogara da shi ka ƙi gyara izinin da na faɗa a sama.

4. Kwanan wata da agogo

Wannan shi ne wanda mutane ba sa yarda da shi sai sun gani. Me ya haɗa agogo da saukar manhaja?

Duk lokacin da wayarka za ta yi magana da na'urorin Google, sai sun nuna mata wata shaida da ke tabbatar da cewa su ne, ba ɗan damfara ba. Shaidar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar lasisin tuƙi. Wayar kuma da kalandarta take aunawa. Idan kalandar ta koma baya da shekara uku, sai ta ga shaidar ba ta ma fara aiki ba. Idan ta yi gaba, sai ta ga ta ƙare. Ko ta wane ɓangare, za ta ƙi yarda, kuma Play Store ba lallai ya gaya maka dalili ba, juyi kawai zai ci gaba da yi.

Yana faruwa ne galibi bayan an canza batir, ko waya ta mutu ta daɗe a ajiye, ko irin wayoyin da ake cire batirinsu. Akwai kuma yara masu tura kwanan wata gaba don su samu kyauta a wasa. Wata maƙwabciyarmu a Runjin Sambo an canza wa wayarta batir da ya kumbura, aka miƙo mata, agogo ya nuna wani lokaci daban sai ta gyara awa da minti da hannu. Ba ta lura shekarar ta koma baya ba, don a fuskar wayar rana da wata kawai ake nunawa. Alamar da ta tona asiri ita ce Chrome, da ya rubuta `Your clock is behind`. Idan ka ga wannan, ko WhatsApp ya yi ƙorafin kwanan wata, ba sai ka nemi wani dalili ba.

Gyaran: `Settings`, `System`, `Date & time`. A Samsung yana cikin `General management`. Kunna `Set time automatically`, a wasu wayoyin sunansa `Use network-provided time`, ka kunna na yankin lokaci shi ma. In a kunne suke amma lokacin ba daidai ba ne, kashe su, saita da hannu, sannan ka sake kunnawa ka kashe wayar ka tayar.

Ka duba yankin da idonka. Namu `GMT+01:00` ne. Nijar ma haka take, don haka mai tsallakawa Konni daga Illela ba abin da zai canza masa. Waɗanda ya kamata su kula su ne alhazan da suka dawo, don Saudiyya `GMT+03:00` ce, da masu wayar hannu da aka shigo da ita daga waje. Kuskuren da ake yi shi ne a bar yankin can, a juya agogo da hannu har ya yi daidai da na masallacin unguwa. A ido ya gyaru, amma a lissafin wayar ta kauce da awanni. Yankin ake fara gyarawa, agogo ya biyo baya.

5. Wuri a cikin wayar

Nan zan ɗan daɗe, don a wayoyin da ake kawo mini, musamman masu 16GB da 32GB, shi ne ya fi yawa.

Shiga `Settings`, `Storage`, ka ga nawa ya rage. Google da kansu sun ce idan abin da ya rage bai kai 1GB ba, saukewa na iya tsayawa. Mutum zai ce, ai manhajar 60MB ce kawai, ni kuma ina da 400MB. Abin da bai sani ba shi ne lambar da ake nunawa girman ƙunshin ne a matse. Sai an sauke shi, a kwance shi, a shimfiɗa, kuma in sabuntawa ce tsohon zubin na nan zaune har sai sabon ya kammala. Ban da haka, Android na ware wani kaso da ba ya bari a taɓa don kada wayar ta shaƙe. Ni dai ba na sake gwadawa sai na ga 2GB a sarari.

Wayar Kawu 380MB ya rage mata. Bayan na gyara izinin data, manhajar ta fara sauka, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sau biyu tana haka, kuma kowane zagaye datarsa ce ke tafiya. Wannan ma gargaɗi ne: idan ka ga ta kai ɗari ta dawo, daina dannawa, je ka nemi wuri.

Ga inda wurin yake ɓuya. Buɗe WhatsApp, `Settings`, `Storage and data`, `Manage storage`. Zai nuna maka manyan fayiloli, da waɗanda aka yi ta turawa, da kuma wace hira ce ta fi cin wuri. A ta Kawu WhatsApp kaɗai ya cinye fiye da 9GB: bidiyon wa'azi, bidiyon siyasa, da zauren 'yan kasuwa inda kowa ke turo hoton buhu da mota. Wani bidiyon sau huɗu ya shigo daga zaure huɗu. Na ce, "Kawu, waɗanne za a bari?" Ya ce karatun malamai kada in taɓa, sauran in yi yadda na ga dama. Mun zauna muna zaɓa kusan rabin awa, muka fitar da 3GB da ɗoriya.

Kada ka yi wa mutum wannan aikin a bayan idonsa. A cikin hotunan nan akwai rasit na tura kuɗi, da saƙon murya da aka yi ciniki a ciki. Abin da ka goge daga nan, in babu ajiyarsa a wani wuri, ya tafi ke nan.

Bayan WhatsApp, duba jakar Xender da `Download`, inda finafinan da aka gama kallo tun bara suke kwance. Sannan ka tuna abin da ka goge daga wurin hotuna ba ya fita nan take. Yana komawa `Recently deleted` ko `Trash` ya zauna har kwana 30 a yawancin wayoyi, yana cin wurinsa. Sai ka shiga can ka zubar kafin lambar ta motsa. Mutane da yawa sun goge hoto ɗari biyar sun ga ba abin da ya ƙaru, suka ɗauka wayar ce ta lalace.

Abu biyu da ke ruɗa mutane. Saka memori ba ya magance wannan kai tsaye, don manhajoji a cikin wayar suke sauka, sai dai ka kwashe bidiyo da hotuna ka mayar kan memorin. Sannan saƙon da Gmail ke nunawa cewa 15GB ɗinka ya cika, wannan ma'ajin Google ne na can, ba shi ke hana manhaja sauka ba, kada ka sayi ƙari saboda wannan. Manhajojin share-share da ke alkawarin wanke waya kuwa, ban ga amfanin ƙara su a wayar da ke kukan wuri ba.

Da muka gama, na danna `Update`, cikin minti biyu ta Kawu ta girku. A nan tasa ta ƙare. Wanda tasa ba ta ƙare ba ya ci gaba.

6. Share tarkacen Play Store

Play Store na ajiye wasu bayanai na wucin gadi don ya riƙa saurin buɗewa, su ake kira `cache`. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, wani guntu na iya lalacewa a ciki, ya riƙa tuntuɓe da shi kullum.

Hanya mafi gajarta: danne alamar Play Store a fuskar waya ka riƙe, zaɓi `App info`. Danna `Force stop` tukuna. Shiga `Storage` ko `Storage & cache`, danna `Clear cache`. Buɗe Play Store ka gwada. In bai yi ba, dawo wuri ɗaya ka danna `Clear storage`, wasu wayoyin `Clear data` suke rubutawa.

A kan Play Store, wannan ba ya goge manhajojinka, kuma abin da ka saya na nan a asusunka. Abin da yake yi shi ne mayar da saitinsa kamar sabo. Saboda haka da zarar ka buɗe, koma `Network preferences` ka duba abin da ka saita a mataki na 3, kuma wanda ya saka wa yara `Parental controls` ya sake kunnawa.

Babban gargaɗi: ka karanta sunan da ke saman shafin kafin ka danna. `Clear data` a kan WhatsApp yana share hirarrakinka, a kan manhajar banki kuma yana fitar da kai sai ka sake shiga daga farko. Maɓallin iri ɗaya ne, ɓarnar ce ta bambanta.

7. Masu aikin bayan fage

Akwai wasu guda biyu da ba ka ganinsu a fuskar waya amma da su ake aikin. Shiga `Settings`, `Apps`, danna ɗigo uku na sama ka zaɓi `Show system`. Nemi `Download Manager`. Idan ka ga maɓallin `Enable`, wani ya kashe shi ke nan, kunna shi, wataƙila matsalar ke nan gaba ɗaya. In a kunne yake, yi masa `Force stop` da `Clear cache`. Kafin ka kai ga `Clear data` a kansa, kwafe takardu masu muhimmanci da ke jakar `Download` zuwa wani wuri, don jerin abin da ka taɓa saukewa zai share.

Na biyu `Google Play services`. Shi `Clear cache` kawai nake ba da shawara. Akwai `Clear all data` a cikinsa, amma asusunka da abubuwa da dama a wayar sun rataya a kansa, kada ka taɓa sai ka cika sharaɗin da ke mataki na gaba.

Idan kana zargin an kashe wasu abubuwan da ba ka san su ba, a ɗigo ukun nan akwai `Reset app preferences`. Yana tayar da duk abin da aka kashe ba tare da goge bayanai ba, sai dai manhajoji za su sake neman izinin kyamara da makirufo. Haka kuma a `App info` na Play Store, ɗigo uku, akwai `Uninstall updates`, wanda ke mayar da shi zubin da ya zo da waya, daga baya ya sabunta kansa.

8. Asusun Google

Na bar shi ƙarshe da gangan, ko da yake shi wasu ke fara cirewa. Alamun cewa asusun ne: sanarwa na ta fitowa `Account action required`, ko Gmail ya daina karɓar sabon saƙo, ko ka canza kalmar sirri a wata na'ura kwanan nan. A irin wannan, sau da yawa danna sanarwar ka saka kalmar sirrin ya wadatar. Idan kuma asusun yaro ne da ke ƙarƙashin Family Link, manhajar na iya zama tana jiran amincewar uba ko uwa ne a wayarsu.

Kafin ka cire komai, yi gwajin da ba ya cin komai: ƙara wani asusun. `Settings`, `Passwords & accounts` ko `Accounts`, `Add account`, Google. Koma Play Store, danna hotonka, sauya zuwa sabon, gwada saukewa. In ta sauka, ka tabbatar na farkon ne ke da matsala. In ta ƙi, cire shi ba zai amfane ka da komai ba, bar shi.

Idan ya tabbata sai an cire an mayar, ga sharaɗin. A garin nan mutane da yawa ba su suka buɗe imel ɗinsu ba. Ranar da aka sayi waya yaron shago ya buɗe, ya saka kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokacin har da lambar wayarsa. Na tambayi Kawu, "Kawu, ka san kalmar sirrin imel ɗinka?" Ya ce, "Mi ne ne kuma wannan?" Da an cire masa asusun nan, ko an yi filashin ɗin da aka ce, da lambobin dillalansa na Legas da Onitsha sun maƙale a inda ba zai iya kaiwa ba.

Don haka ka buɗe Chrome, zaɓi `New Incognito tab`, shiga `accounts.google.com`, ka gwada shiga da adireshin da kalmar sirrin da kake zato. Sai ya buɗe za ka ci gaba. Rubuta su a takarda. Duba kuma wace lamba ce ke kan asusun don karɓar lambar tabbatarwa. Idan layin da ya ɓace ne ko aka rufe, canza shi yanzu tun kana ciki. Wannan na da muhimmanci don sau da yawa Google wannan wayar da ke hannunka yake turo wa tambayar tabbatarwa, kuma da ka cire asusun ba za ta ƙara karɓa ba. Daga nan shiga `contacts.google.com` ka ga lambobinka na can, don waɗanda ba su hau ba suna iya ɓacewa.

Sai ka koma `Accounts`, danna asusun, `Remove account`, kashe wayar ka kunna, `Add account`, ka shiga. Ba ta minti biyar ta dawo da lambobi kafin ka buɗe Play Store.

9. Idan duk an bi ba ta yi ba

Cire memori ka gwada babu shi, don memorin da ya fara lalacewa ko na jabu yana iya riƙe girkawa. Duba `System update`. A Play Store shiga `Settings`, `About`, ka ga ko an rubuta `Device is certified`. In an ce ba haka ba, wayar ba ta da amincewar Google, kuma wasu manhajojin ba za su taɓa sauka yadda ya kamata ba. Wayoyin da suka tsufa ƙwarai ma haka: tun 2023 Google ya daina tallafa wa Android 4.4, kuma bankuna kan ɗaga mafi ƙarancin zubin da suke karɓa lokaci zuwa lokaci. Irin wannan ko filashin ba ya gyara ta.

Masu iPhone da ke ganin `Waiting...`, batun data da agogo da wuri duk ya shafe ku. Ƙarin naku shi ne ku danne alamar manhajar ku zaɓi `Prioritize Download`, ko `Cancel Download` ku sake daga farko.

Kada gajiya ta sa ka karɓi manhajar banki ta Xender ko daga wani shafi da aka turo maka. Ba ka san wa ya taɓa cikinta ba, kuma a ciki za ka rubuta lambar sirrin kuɗinka. In tura kuɗin ne ya matsa, yi amfani da lambar tauraro ta bankinka ko ka je wurin mai POS kafin ka gama gyaran.

In ta kai ga sai an mayar da wayar sabuwa, kwashe hotuna, yi wa WhatsApp `Chat backup`, ka riƙe takardar nan mai adireshi da kalmar sirri, don wayar da aka goge tana iya ƙin buɗewa sai an saka asusun da ke kanta a da. Idan yau ka canza kalmar sirrin, jira awa 24 kafin ka goge. Kuma ka cire asusun da hannunka daga `Accounts` kafin ka miƙa wa mai gyara.